Sibi ko rezume: shafi biyar ɗina zai shiga Jamus da Amurka kuwa?

ɗan_ƙofar_marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar neman karatu a waje su taimaka mani. Na karanta aikin gona, ɓangaren ƙasa da takin zamani, na gama a ƙarshen 2021, na yi bautar ƙasa, yanzu ina aiki da wata ƙungiya mai taimaka wa manoman rani a wajen Ajiwa. Wurare biyu nake nema. Na farko tallafin DAAD na Jamus, shirin da ake kira EPOS, su sun ce a kawo sibi. Na biyu wata jami'a ce a Amurka, a shafinsu an rubuta "Upload Resume/CV". Ni kuwa takarda ɗaya gare ni, shafi biyar, wadda na yi amfani da ita na samu aikin da nake yi. Akwai hoto, jiha, ƙaramar hukuma, addini, firamare har zuwa jami'a, da mutum uku masu ba da shaida a kaina. In tura masu ita haka, ko kuwa abu biyu ne daban?

Abban_Kafe: Wa alaikumussalam. Abu ɗaya ne ɗan uwa, suna ne kawai ya bambanta. Amurkawa su ce rezume, Ingilishi su ce sibi. Kullum muna yi wa mutane a shago. Ka kawo ta in zuba maka ita a tsari mai kyau, mai layi biyu da kala da hotonka a gefe, ta koma shafi biyu.

Injiniya_Calgary: Abban Kafe, rabin maganarka gaskiya ce. Abin da Bature ɗan Ingila yake kira sibi in zai nemi aiki a kamfani, shi ne kusan abin da muke kira rezume a nan Kanada da Amurka: gajeruwar takarda, shafi ɗaya ko biyu. Amma a nan in aka ce sibi wani abu ne daban, doguwar takarda ce ta malaman jami'a da masu bincike da likitoci, wadda ke jera duk abin da mutum ya wallafa da abin da ya koyar da tarukan da ya gabatar da maƙala. Ta farfesa tana iya kai shafi ashirin, ba wanda zai ce ta yi tsawo. Saboda haka kalma ɗaya ce, amma abin da ake nufi da ita ya danganta da ƙasar da kuma wanda zai karanta.

Batun hoto kuwa, don Allah kada ka sa ma shi a wadda za ta Amurka. Zan dawo kan dalili, ina wurin aiki.

Bakatsine_Leeds: Haka yake. A nan Ingila ban taɓa jin wani ya ce rezume ba, sibi ne kowa ke cewa, kuma shafi biyu ne iyaka in dai ba aikin koyarwa a jami'a kake nema ba. Ba hoto, ba ranar haihuwa, ba maganar aure.

Baba_Mai_Ritaya: Ni dai abin yana ba ni mamaki. Na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, na zauna kwamitin ɗaukar ma'aikata ba sau ɗaya ba. Takardar da ba ta da ranar haihuwa da ƙaramar hukuma ko kallonta ba mu yi. Ta yaya za ka ɗauki mutum ba ka san shekarunsa ba, ba ka san ɗan ina ne ba? Yaro ya cire waɗannan abubuwa, ai sai a ce yana ɓoye wani abu.

Dakta_Ƙasa: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka yi daidai ne a wurinku, domin dokar ƙasarmu ce ta sa haka. Tsarin mulkin 1999 ya ce a yi raba daidai wajen muƙamai tsakanin sassan ƙasa, har akwai hukuma guda da ke sa ido a kai, dole ku san jihar mutum da ƙaramar hukumarsa. Shekaru kuma kuna buƙatarsu don lissafin ritaya. Can kuwa dokarsu ta juya ne. A Amurka tun 1964 aka haramta wa mai ɗaukar aiki ya bambanta mutane saboda launin fata ko addini ko jinsi ko ƙasar asali, a 1967 aka ƙara da dokar shekaru ga wanda ya kai 40. Ingila ma tana da tata ta 2010. To in takarda ta zo wa ma'aikaci ɗauke da hoto da addini da shekaru, an ɗora ma shi abin da ba ya son gani, domin in bai ɗauki mutumin ba ana iya cewa saboda abin da ya gani ne. Ba wai laifi ba ne mai nema ya rubuta, amma yana nuna bai san al'adar wurin ba, kuma ya ci filin da zai sa abin da zai amfane shi.

Baba_Mai_Ritaya: To Dakta, na ji wannan. Amma sunan yaron nan kaɗai ai ya isa a gane addininsa da inda ya fito.

Dakta_Ƙasa: Gaskiya ne Baba, kuma ba mai cewa ya canza suna. Abin da ya zama dole ke nan, sauran kuwa ba dole ba ne.

Bari in koma kan mai tambaya, tunda ni ta DAAD na yi karatuna kuma fanninmu ɗaya. Ƙanena, takardarka mai shafi biyar kada ka yar da ita, amma kada ka tura ta ko'ina a waje. Ka ajiye ta a matsayin rumbu, duk abin da ka yi ka riƙa zubawa ciki da watansa da shekararsa. Daga cikinta za ka ɗebo takarda biyu, kowace da fuskarta.

Ta Jamus tukuna. A shirin EPOS ana neman sibi bisa tsarin Europass, wanda kyauta ne, a shafinsu na intanet za ka cika shi ya fitar maka da PDF. Jamusawa abin da suke so su gani shi ne rayuwarka a jere, daga na baya-bayan nan zuwa na farko, kowane abu da watan farawa da watan gamawa, kuma babu rami a tsakani. Wannan maganar rami ita ce ke kayar da yaranmu. Mu nan mun saba rubuta shekara kawai, a ce 2022 zuwa 2023. Shi mai dubawa yana lissafin watanni ne, domin sharaɗin shirin shi ne shekara biyu na aiki bayan digirin farko, a fannin da ya dace da kwas ɗin. In ka rubuta 2022 zuwa 2023, yana iya zama wata biyu, yana iya zama wata ashirin da huɗu. Ba zai zauna yana yi maka hasashe ba. Sa'annan ka duba takardar sharuɗɗan ta bana da kyau kan sa hannu, domin sun saba neman a sa wa sibi hannu da biro da kwanan wata a ƙarshe. Ka fitar da ita a firinta, ka sa hannu, ka yi mata sikanin. Na ga wanda komai nasa ya cika amma ya manta wannan.

Ka rubuto mana jerin watanninka a nan mu gani.

ɗan_ƙofar_marusa: Na gode ƙwarai Dakta, Allah ya saka da alheri. Ga shi: na shiga jami'a a ƙarshen 2015, kwas ɗin shekara biyar ne amma sai Disamba 2021 muka gama saboda korona da yajin aikin 2020. Bautar ƙasa Maris 2022 zuwa Fabrairu 2023, a wata makarantar sakandare na koyar da aikin gona. Daga Maris zuwa Oktoba 2023 ba ni da aiki, gonar mahaifina nake kula da ita, da yamma in zauna shagon POS na yayana. Nuwamba 2023 na fara aikin da nake yi yanzu, shekara ɗaya da wata tara ke nan. A tsohuwar takardata ban sa watannin nan takwas ba, kunya nake ji.

Dakta_Ƙasa: Kunyar mi? Mai neman karatun aikin gona ya yi damina guda yana kula da gona, wannan ai abin sawa ne a gaba. Ka rubuta shi a matsayin aiki kamar kowane: Maris zuwa Oktoba 2023, kula da gonar iyali, girmanta kadada kaza, gero da dawa da wake ko duk abin da kuka shuka, kai ke tsara sayen taki da ɗaukar 'yan ƙwadago. Gaskiyar abin da ka yi kawai, kada ka mai da kanka manajan wani kamfanin da babu shi. POS ɗin ka bar shi, tunda gonar ta riga ta cike watannin. Wata biyun da ke tsakanin Disamba 2021 da Maris 2022 ka sa layi ɗaya cewa jiran kiran bautar ƙasa kake. Ƙarƙashin digirin kuma ka sa layi ɗaya cewa kwas ɗin shekara biyar ne, ya ƙara tsawo saboda rufe jami'o'i a 2020. In ba ka faɗa ba, mai dubawa zai ga shekara shida ya ɗauka maimaita aji ka yi.

Abu na biyu, makinka. Nawa ka fita da shi?

ɗan_ƙofar_marusa: 4.21 ne Dakta.

Dakta_Ƙasa: Madalla. To kada ka kuskura ka rubuta 4.21 shi kaɗai. A Jamus ma'auninsu a kife yake: 1.0 ne mafi kyau, 4.0 shi ne ƙarshen cin jarabawa, abin da ya wuce haka faɗuwa ne. A Amurka kuma ma'aunin da aka saba ya tsaya ne a 4.0, sai a ga kamar ka wuce iyaka. Ka rubuta 4.21/5.00, ka ƙara da ajin digirin kamar yadda yake a takardar shaidarka. Kuma kada ka juya shi da kanka zuwa nasu ma'aunin. Jamusawa suna da lissafin da suke yi, Amurkawa kuma wasu jami'o'insu za su tura ka wurin masu tantance takardu irin su WES. In ka juya da kanka lissafinka ya saɓa da nasu, kai za a ga kamar ka ƙara gishiri.

yar_daura22: Salam, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Ni Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, nake son nema, kuma an ce mani kalma 500 ake so. Yaya zan matse sibi ɗina ya koma kalma 500?

Bakatsine_Leeds: 'Yar uwa kin haɗa abu biyu. Chevening ba sibi ake ɗorawa ba, fom ne kike cikawa a shafinsu, ki shigar da karatunki da ayyukanki ɗaya bayan ɗaya. Ƙayyade kalmomi da kika ji na tambayoyin nan huɗu ne da ake amsawa a rubuce, kan jagoranci da hulɗa da mutane da dalilin zaɓen kwas da shirinki na gaba, kuma ki duba adadin a fom ɗin bana don kada ki yi aiki da tsohon labari. Amma maganar Dakta ta watanni ta shafe ki, har ma ta fi, domin su da awa suke lissafi: awa 2,800 na aiki, wato kwatankwacin shekara biyu. Za ki sa makonni nawa kika yi a kowane wuri da awa nawa a mako. In kina da rumbun nan da ya ambata, kwafa kawai za ki yi.

yar_daura22: Allah sarki, na gode Yaya. Da na ɓata mako ina yanke-yanke.

Maman_Hanif_Riyad: Ni fa ban yarda a ce wa mutane su cire hoto da ranar haihuwa haka kawai ba. Ni nas ce, daga Daura na taho nan. Lokacin da na nemi aiki, wakilin asibitin da kansa ya ce in sa hoto, da ƙasata, da ranar haihuwa, da ko ina da aure. A ƙasashen Larabawa haka aka saba, takardar da ba hoto sai su dawo maka da ita su ce ka ƙara. Kuma abin da ya fi ba ni wahala ba tsawon takardar ba ne, kwanan wata ne. Akwai tantancewar DataFlow da ake yi kafin a ba ka lasisi, suna tuntuɓar makarantarka da hukumar da ta ba ka lasisi da inda ka yi aiki kai tsaye. Takardar shaidar aiki da wani wuri da na yi aiki suka ba ni, watan da suka rubuta ya bambanta da wanda ke sibi ɗina, su ranar da aka tabbatar da ni suka sa, ba ranar da na kama aiki ba. Sai da aka koma aka sake takarda, abin ya ja lokaci sosai. Duk mai nema ya ɗauko takardunsa na asali ya ajiye a gabansa, abin da ke jikinsu shi zai kwafa.

Injiniya_Calgary: Hajiya ba mu saɓa ba. Ba wanda ya ce a cire hoto a ko'ina, na ce ne ta Amurka. Saudiyya da Dubai da Ƙatar a sa. Jamus ma wajen neman aiki har yanzu da yawa suna sa hoto duk da ba tilas ba ne.

Na dawo kan ta Amurka kamar yadda na yi alkawari. Malam mai tambaya, ni shawarata shafi ɗaya. Ba ka kai shekara uku da fara aiki ba, ba abin da zai hana ya shiga shafi ɗaya in ka cire firamare da sakandare da abubuwan sha'awa irin su karatu da tafiye-tafiye, da sunayen masu ba da shaida. Su masu shaidar ma a fom ɗin jami'ar za ka sa imel ɗinsu, jami'ar ta tura masu saƙo su ɗora wasiƙar da kansu. Babban gyaran yana wurin yadda kake bayyana aikinka. Mu a gida mun saba jera nauyin da aka ɗora mana: kula da manoma, rubuta rahoto, halartar taro. Wannan kowa da ke kujerar zai iya rubutawa. Su abin da ka aikata suke son gani, da adadi. Kawo layi ɗaya daga takardarka mu gwada.

ɗan_ƙofar_marusa: Ga wanda ke ƙarƙashin aikina na yanzu, in na fassara shi: "Alhakin wayar da kan manoma kan amfani da taki da sauran ayyukan da shugaba ya ba ni."

Injiniya_Calgary: To manoma nawa? Ƙauyuka nawa? Mi ka koya masu takamaimai, kuma mi ya canza?

ɗan_ƙofar_marusa: Ƙungiyoyi shida ne a ƙauyuka huɗu, mutum 140 a rajistarmu. Na ɗebi samfurin ƙasa a gonaki 60 muka kai ɗakin gwaji, daga sakamakon na tsara masu yadda za su raba yuriya kashi biyu maimakon zubawa gaba ɗaya. Mun yi gonakin gwaji takwas na tumatir da albasa don su gani da idonsu. Bayanan kuma da KoboCollect muke ɗauka a waya, ni ke tace su a Excel.

Injiniya_Calgary: Ka ga abin da ka binne a ƙarƙashin "sauran ayyuka"? Wannan layi uku ne masu ƙarfi. Na ɗaya: ka ɗebi samfurin ƙasa a gonaki 60 ka fassara sakamakon zuwa shawarar taki. Na biyu: ka horar da manoma 140 a ƙauyuka huɗu kan raba yuriya, ka kafa gonakin gwaji takwas. Na uku: kai ke tattara bayanai da tace su, ka ambaci manhajojin da sunansu. Kowane layi ya fara da aikatau, ba "ni ne ke da alhakin" ba. In kuna da alƙaluman amfanin da aka girbe a gonakin gwajin ka sa, in ba ku auna ba kada ka ƙirƙira, domin a hira za a tambaye ka yadda kuka auna.

Dakta_Ƙasa: Gyaran layukan nan na Injiniya ya yi, kuma ka yi amfani da su a ta Jamus ma. Amma kan shafi ɗaya ban bi shi ba. Injiniya, kai kamfani kake tunani. Yaron nan digiri na biyu yake nema, kuma a fanninmu kuɗin karatu a Amurka yawanci daga hannun farfesan da zai ɗauke ka mataimakin bincike yake fitowa. Wanda zai karanta takardar malami ne mai neman wanda zai iya aiki a ɗakin gwajinsa da gonarsa. In shafi ya ce "Resume/CV", ya ba ka zaɓi ke nan, ni kuwa sai in ce shafi biyu masu fuskar bincike. Karatu a sama, da taken firojet ɗinka na ƙarshe da sunan malamin da ya duba shi da layi biyu kan abin da ka gano. Sai gwaje-gwajen da ka iya da hannunka, irin su auna tsamin ƙasa da sinadarin naitirojin da rabe-raben yashi da laka, kowane da sunan hanyar da ka bi. Sai aiki. Waɗannan in ka matse su a shafi ɗaya, abin da farfesan ke nema ne zai fita.

Injiniya_Calgary: Dakta na yarda in bincike ne. Amma in jami'ar ta rubuta iyakar shafi a sharuɗɗanta, to magana ta ƙare, abin da suka ce shi za a bi. Kuma na ga yara suna fakewa da "sibin bincike" su cika shafi huɗu da takardun halartar bita ta kwana ɗaya.

Dakta_Ƙasa: Wannan kam haka ne. Biyu na ce, ba huɗu ba. Kuma tunda ka taɓo nan, akwai abin da ke damuna ƙwarai. Yaranmu suna jin an ce sibi na son wallafe-wallafe, sai su biya kuɗi a buga masu firojet a irin mujallun nan da ke karɓar komai cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Malamin da ke can ya san waɗannan mujallu, kallo ɗaya zai yi wa sunan. Gara ka rubuta firojet ɗinka a matsayin firojet, ba wanda ke jiran mai digirin farko ya zo da maƙala.

Abban_Kafe: To ni yanzu tsarin nawa mai kala fa? Mutane suna son shi sosai, kuma na ji an ce kwamfuta ce ke zubar da takardun da ba su da kyan gani.

Injiniya_Calgary: Akasin haka ne Abba. Manyan kamfanoni suna da manhajar da ke karɓar takardu ta zare rubutun ta zuba a rumbunsu, don mai ɗaukar aiki ya yi bincike da kalmomi. Ita ba ta ganin kyau. Layi biyu gefe da gefe, da akwatuna, da 'yan taurarin nan da ake sawa a nuna ƙwarewa, su ne ke iya rikita ta. Ga gwajin da za ka yi a shagonka yau: buɗe PDF ɗin, danna Ctrl+A, ka kwafa, ka zuba a Notepad. In rubutun ya fito a jere yana karantuwa, lafiya lau. In ka ga lambar waya ta faɗo tsakiyar tarihin aiki, ko kuma ba abin da ya kwafu domin hoto ne, to ka san akwai matsala. Don haka rezumen neman aiki kada a yi mata sikanin, a fitar da PDF kai tsaye daga Word. Ta DAAD mai sa hannu daban ce, mutum ne zai karanta. Wani ƙaramin abu kuma: takardar Amurka da Kanada ba A4 ba ce, Letter ce, inci 8.5 da 11, ta fi tamu gajarta kaɗan. Ka canza girman shafin kafin ka fara, in ba haka ba layukan ƙarshe su tsallaka sabon shafi.

Abban_Kafe: Na gwada yanzu da wata da na yi jiya. Wallahi sunan mutumin a ƙasa ya fito, bayan masu ba da shaida. Zan ware tsari biyu, na gida da na waje.

Na_Kongolam: Mu da ke bakin iyaka muna neman aiki a ƙungiyoyin da ke Damagaram da Maraɗi, can tsarin Faransa suke bi, gajere ne kuma da yawa suna sa hoto. Abin da nake so in ƙara shi ne harshe. Kada mutum ya raina Hausa a takardarsa. A Europass akwai wurin harshen uwa, ka sa Hausa a nan, sauran harsuna kuma da ma'aunin A1 zuwa C2 ake sa su. Kada ka ba kanka C2 a Turanci alhali sakamakon jarabawarka bai nuna haka ba, domin takardun biyu a tebur ɗaya za su haɗu.

Maman_Hanif_Riyad: Da suna kuma. Mu Hausawa wani a takardar sakandare sunansa da na mahaifi, a digiri an ƙara sunan gari, a fasfo kuma an juya su. Abin da ke fasfo shi za ka sa a saman takardar, harafi da harafi.

Baba_Mai_Ritaya: Wannan kam ko a nan gida ya hana mutane fansho. Amma ni har yanzu cire masu ba da shaida bai kwanta mani ba. Sunan babban mutum a ƙasan takarda yana da nauyi.

Bakatsine_Leeds: Baba, nauyinsa a inda aka san shi ne. Farfesan da ke Amurka bai san hakimi ko babban sakatare ba, wanda ya koyar da yaron ko ya duba aikinsa yake son ji daga bakinsa. A sibin neman aikin koyarwa ko digiri na uku ana sa su a ƙarshe, wannan ba laifi.

ɗan_ƙofar_marusa: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na fara cika Europass ɗin, ta Amurka kuma zan yi shafi biyu tunda na duba ba su sa iyaka ba. Saura abu ɗaya da ya tsaya mani. Aikina na yanzu shekara ɗaya da wata tara ne. In an haɗa da bautar ƙasa na wuce shekara biyu, in ba a haɗa ba saura wata uku, kuma za a rufe karɓa kafin nan. A sibin in sa bautar ƙasar ƙarƙashin aiki ko in ware mata wuri daban?

Bakatsine_Leeds: Ƙarƙashin aiki mana. Aiki ne na cikakken lokaci, bayan digiri, ana biyan alawus. Ka dai ƙara 'yan kalmomi cewa hidimar ƙasa ce ta tilas ta shekara ɗaya ga masu digiri, don ba kowa ya san NYSC ba.

Dakta_Ƙasa: Wurin sawa kam nan ne, ban musa ba. Amma sa ta a nan ba shi ne zai sa a ƙirga ta ba. Sharaɗin ya ce aikin ya dace da fannin, shi kuwa koyarwa ya yi a sakandare, ko da yake aikin gona ya koyar. A EPOS kowane kwas shi ke tace masu nemansa, kuma gonar mahaifinsa ba ta da takardar shaidar aiki mai hatimi da za ta tsaya mata. Ƙanena, a shafin kwas ɗin akwai imel na mai kula da shi. Ka rubuta masa gajeren saƙo yau, ka jera watannin nan kamar yadda ka jera mana, ka tambaye shi kai tsaye ko za su ƙirga shekarar. Kafin amsa ta zo ka je makarantar da ka yi hidimar su ba ka wasiƙa a takardarsu mai tambari, da ranar farawa da ranar gamawa da darasin da ka koyar.

Injiniya_Calgary: In sun ce ba su ƙirgawa fa, ya jira baɗi ke nan?

Dakta_Ƙasa: Na Jamus ɗin ya jira, har yanzu yana cikin shekara shida da suke so digiri kada ya wuce. Na Amurka ba ruwansa da wannan sharaɗi, ya tura abinsa bana.

yar_daura22: Dakta, mu masu Chevening fa, bautar ƙasar tana shiga cikin awa 2,800 ɗin? Ni a asibiti na yi tawa.